WASIƘAR MAI AIKI BA TAKARDA

(Jawabin da wani tsohon ɗalibi, ma'aikacin gwamnati, ya gabatar a taron shekara na ƙungiyarmu)

 

Da sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni zan yi magana a bana, sai na ce masa ni ba abin da na sani in ban da fayil da takarda, domin shekara goma ke nan ina zaune a sashen mulki, ina karanta wasiƙun masu neman aiki. Ya ce to in yi magana a kan wannan. Saboda haka yau zan ba ku labarin wasiƙa biyu da na sa hannu wajen rubutawa, dukansu na mutum ɗaya ne, zuwa ga ƙungiyoyin agaji masu aikin gona a karkara. Ta farko ta jawo masa kunya, kuma laifina ne. Ta biyu ta buɗe masa ƙofa. Ba zan faɗi sunansa ba, ko da yake 'yan ajinmu za su gane shi, kuma sai da na nemi izininsa kafin in tsaya a nan.

Mun shigo makarantar nan tare da shi. Malaminmu na lissafi, ga shi can zaune, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya san cewa ya fi ni kai nesa ba kusa ba. A 2005, muna ajin farko na babbar sakandare, Allah Ya yi wa mahaifinsa rasuwa, aka bar shi da mahaifiya da ƙanne biyar da 'yan gonaki uku a wani ƙauye na ƙasar Dambatta. Ya ɗaure akwatinsa ya koma gida. Mu muka wuce jami'a, shi ya kama fartanya.

Ya kamata in ɗan bayyana irin ƙasar da ya koma, domin a kanta wasiƙar ta tsaya. Duk wanda ya bi hanyar Dambatta ko ta Bichi da damina ya san babu daji a wannan yanki. Gona na manne da gona, gari na hango gari, ba a hutar da ƙasa, sai dai a ciyar da ita da taki kowace shekara. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya sa'an nan a Jami'ar Bayero, ya soma nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, yana mamakin yadda jama'a masu yawa haka suke ci daga ƙasa kaɗan ba tare da sun kashe ta ba. A gona guda za ka ga gero da dawa da wake da gyaɗa. Gero da dawa na ci ne. Wake kuwa shi ne kuɗin magidanci, harawarsa ta ciyar da dabba, dabba ta mayar da taki gona. Amma waken yana da maƙiyi. Da kaka yana araha, sai an kusa shuka yake tsada, kuma tsakanin kakar da bazara ƙwaro yake huda shi ya mai da shi gari. Shi ya sa talaka yakan sayar da kaka ya yi asara, ko ya zuba magani ya ci guba. Kun dai tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta, saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, irin wanda ke cikin fiya-fiya.

To, a 2007 Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara wani shiri na yaɗa buhun ajiye wake ba magani a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, wanda ake kira PICS. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. In an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Da malamin gona ya kawo gwajin ƙauyensu, mutumina ne ya riƙe masa buhu, domin shi ne mai iya karanta abin da ke rubuce a jiki. Shirin ya ƙare, malamin ya tafi, amma shi bai bari ba. Kowace kaka yakan saro buhunan daga birni a kan babur, ya sayar, ya tsaya ya nuna wa mutum yadda ake ɗaurewa, sa'an nan ya riƙa zagayawa yana dubawa. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ke biyansa albashi, ba shi da katin aiki. Mutane dai suna ce masa Malamin Wake.

A 2021 ya zo ofishina da wata sanarwa a wayarsa. Wata ƙungiyar agaji tana neman ma'aikatan da za su koyar da manoma ajiyar amfanin gona. An ce ana son mai difloma, ko mai ƙwarewar da ta yi daidai da ita. Ya ce, "Mutumina, kai ka san Turanci, rubuta mini." Ni kuwa sai na ɗauki abin da gadara. Na zauna na zuba masa Turanci shafi biyu, irin wanda ko ni sai na duba ƙamus. Na yabi ƙungiyar a sakin layi guda cur. Na ambaci maraicinsa da ƙannensa don a ji tausayi. Abin da ya fi muni, da na zo wurin muƙami sai na ga wurin ya yi fayau, na ji kunya a madadinsa, na rubuta cewa shi jami'in faɗakar da manoma ne na tsawon shekara goma sha ɗaya. Na ce a raina ai aikin da yake yi ke nan, ba ƙarya na yi ba.

An kira shi ganawa. Tambayar farko da aka yi masa ita ce, a wace hukuma yake jami'i, kuma wane ne shugabansa. Ta biyu, ina takardar ɗaukarsa aiki. Ta uku, aka karanto masa jimla guda daga cikin wasiƙarsa aka ce ya bayyana abin da yake nufi. Bai iya ba, domin ba maganarsa ba ce. Ba a yi minti goma ba aka sallame shi, ba a ko tambaye shi yadda ake ɗaure buhu ba. Ya hau babur ya koma gida bai biyo ta wurina ba, kuma sai da muka yi wata huɗu bai ɗaga wayata ba. Mutumin da ƙauye bakwai suka yarda da amanarsa, ni na sa ya zauna gaban baƙi a matsayin maƙaryaci. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Abin takaicin shi ne na san yadda ake tace wasiƙu, domin na sha zama a irin wannan kwamiti. Bari in faɗa muku, don wanda bai sani ba. Ba a karanta wasiƙa kamar yadda ake karanta labari. Mai tacewa yana da tarin wasiƙu a gabansa, da takarda guda mai layi-layi. A kan kowane layi an rubuta sharaɗi ɗaya daga cikin waɗanda aka sa a sanarwa: ilimi, shekarun aiki, sanin yankin, harshe, iya rubuta rahoto, da sauransu. Yana bin wasiƙarka da ido yana neman abin da zai ba wa maki a kowane layi. Yabon ƙungiya ba shi da layi. Tausayi ba shi da layi. "Ni mai ƙwazo ne, mai gaskiya" ba shi da layi, domin kowa haka yake cewa. Mai difloma ya huta, takardarsa ta cika masa layin farko. Wanda ba shi da ita kuwa, kalmar nan ta "ko ƙwarewar da ta yi daidai" ita ce ƙofarsa, amma mai tacewa ba zai iya ba shi maki ba sai ya samu abin da zai kare kansa da shi in shugabansa ya tambaye shi dalili. Watau aikin wasiƙarka shi ne ta ba shi hujjar da zai iya bincikawa: me ka yi, a ina, yaushe, nawa, kuma wa zai shaida. Muƙami taƙaitawa ce kawai ta waɗannan abubuwa biyar. In ba ka da taƙaitawar, sai ka kawo su a warware.

A shekarar da ta biyo, 2022, wata ƙungiyar dabam ta fitar da irin wannan sanarwa. Wannan karon ni na je ƙauyen, na ba shi haƙuri a gaban mahaifiyarsa. Ta ce, "Ɗan nan, ai don alheri ka yi, ku dai gyara." Muka shimfiɗa tabarma a zaure. Na ce masa ba zan rubuta ko kalma ɗaya ba sai ya nuna mini aikin a takarda. Ya shiga gida ya fito da tsofaffin littattafan rubutu guda huɗu, irin na 'yan makaranta, waɗanda yake rubuta bashin buhu a ciki. Ga sunan mutum, ga ƙauyensa, ga yawan buhu, ga ranar da aka ɗaure, ga ranar da aka buɗe, wani wurin har da 'yar alama in buhun ya lalace. Shi a wurinsa littafin bashi ne. Ni kuwa da na gani na san mun samu abin da ya fi takardar da na ƙaga masa.

Kwana biyu muka yi muna ƙirga. Mun tarar ya soma a kakar 2010, watau kaka goma sha biyu ke nan. Ƙauyuka bakwai. Littattafan farko sun yage, ruwa ya taɓa wasu shafuka, saboda haka muka yanke shawarar ba za mu faɗi jimillar shekarun duka ba, sai kaka uku na ƙarshe waɗanda lissafinsu yake cikakke: buhu 140 a 2019, buhu 185 a 2020, buhu 210 a 2021. Jimilla 535, na gidaje 63. Waɗanda suka lalace guda 9 ne. Ya so ya ce "sama da buhu dubu", kuma mai yiwuwa gaskiya ne in an haɗa da na baya, amma na ce masa lambar da ba za ka iya buɗe shafi ka nuna ba, bar ta. Ƙaramin adadi tabbatacce ya fi babba na ƙiyasi, domin mai tacewa ya saba ganin "dubbai" da "ɗaruruwa", kuma ya san daga baki suke fitowa. Amma 535 daga littafi take fitowa.

A cikin ƙirgar ne muka gano abin da shi kansa bai ɗauka wani abu ba. Daga cikin gidaje 63, waken gida 22 na mata ne, waɗanda suke saye da kaka su ajiye don ƙosai da alala ko don sayarwa. Na ce yaya kake shiga wurinsu? Ya ce ba ya shiga, maiɗakinsa ce ya koya wa, ita ke shiga ta ɗaure musu, ta dawo ta faɗa masa ya rubuta. Jama'a, duk wanda ya san ƙungiyoyin nan ya san kullum suna neman hanyar da za su isa ga mata a cikin gidaje, kuma saurayi mai digiri daga birni ba zai wuce zaure ba. Ga mutum da hanyar a hannunsa, amma a wasiƙar farko ban ko tambaye shi ba.

Sa'an nan muka ɗauki sanarwar, muka rubuta sharuɗɗanta a gefen hagu na takarda, ɗaya bayan ɗaya, muka sa abin da yake da shi a gefen dama. Inda ba shi da komi, muka bar wurin a buɗe, muka yarda za mu faɗa. Da Hausa ya fara faɗin wasiƙar, da bakinsa, ina rubutawa. Bayan nan muka mai da ita Turanci mai sauƙi, jimla bayan jimla, duk kalmar da ba zai iya bayyanawa ba muka cire ta. Ga asalin ta Hausar, na cire sunaye:

"Zuwa ga Shugaban Sashen Ɗaukar Ma'aikata. Neman aikin mai koyar da manoma ajiyar amfanin gona, kamar yadda kuka sanar.

"Bayan gaisuwa, ni manomi ne a ƙasar Dambatta. Ba ni da difloma, kuma ban taɓa riƙe muƙami a wata hukuma ba. Na tsaya a ajin farko na babbar sakandare a 2005. Ina neman aikin nan ne bisa sharaɗinku na ƙwarewar da ta yi daidai.

"Tun kakar 2010 nake koya wa manoma ajiye wake a buhun PICS ba tare da magani ba, a ƙauyuka bakwai da na jera sunayensu a takardar da ke haɗe. A kaka uku na ƙarshe na kula da buhu 535 na gidaje 63. Nakan duba bushewar waken, in gwada ledar, in tsaya a ɗaure a gabana, in koma dubawa duk wata, in kasance a wurin ranar buɗewa. Buhu 9 sun lalace: 6 ɓera ya huda, 3 ba a bar waken ya bushe ba. Tun daga nan ba na yarda a ajiye buhu a ƙasa ko a jingina shi da bango.

"Gida 22 daga cikin waɗannan na mata ne, kuma matata ce take shiga ta yi musu aikin, bayan na koya mata. Ina da littattafan da na rubuta duk wannan, zan zo da su. Ina karatu da rubutu da Hausa sosai, Turancina na karatu ya fi na magana. Ban iya kwamfuta ba, amma ina aika saƙo da hoto ta waya. Ina da babur, na san hanyoyin yankin rani da damina.

"Ina sanar da ku cewa ina sayar da buhunan ina samun 'yar riba. In kun ɗauke ni, kuma dokarku ta hana, zan bari.

"Mutum uku sun yarda ku tambaye su a kaina: malamin gonar da ya fara koya mini, da dagacinmu, da shugabar ƙungiyar mata ta ɗaya daga ƙauyukan. Lambobinsu na ƙasa. In kuna so, ku zo ku zaɓi kowane gida daga littafin, a buɗe buhu a gabanku. Na gode."

Shi ke nan, shafi ɗaya. Bari in tsaya a kan wurare uku a cikinta, domin a kansu muka yi gardama da shi.

Na farko, faɗin rashin takarda tun a sakin layi na fari. Ya ce wannan ai kashe kai ne. Na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai tacewa zai gano ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba, domin zai juya shafi ya nemi kwafin takardun. In ya gano da kansa, sai ya shiga shakkar sauran abin da ka rubuta. In kai ka faɗa, ka kuma nuna masa sharaɗin da ka shigo ta kansa, ka sauƙaƙa masa aiki, sauran maganarka kuma ta yi nauyi.

Na biyu, buhu taran da suka lalace. Ya ce wa ke tallan asararsa? Amma duk wanda ya taɓa aikin ajiya ya san ba a yin buhu ɗari biyar ba a samu ko ɗaya da matsala ba. Wanda ya ce bai taɓa asara ba, ko dai bai yi aikin ba, ko ba ya komawa dubawa. Tara cikin 535 bai kai biyu cikin ɗari ba. Da ya faɗi adadin, ya faɗi dalili, ya faɗi abin da ya sauya, ya nuna abu uku a layi biyu: yana bibiya, yana gane sababi, yana gyara.

Na uku, masu shaida. Da farko ya kawo sunan baffansa da nawa. Na ce a'a, ɗan'uwa ba ya shaida a nan, ni kuma ban taɓa ganin ka ɗaure buhu ba, kuma na riga na ɓata sau ɗaya. Mai shaida shi ne wanda ya ga aikin da idonsa, wanda ba zai ci riba ba in an ɗauke ka. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Malamin gonan ya yi ritaya, sai da muka neme shi har gida. Muka karanta wa kowannensu wasiƙar, don kada a kira shi ya faɗi abin da ya saɓa, ko ya ce bai san da maganar ba. Dagaci ya ba da takarda mai hatimi, amma na roƙe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, kada a tsaya a kan cewa ɗan asalin gari ne mai ladabi. A rubuta aikin da yake yi, da shekarar da ya soma." Aka rubuta haka.

An kira shi. Ya tafi da littattafansa huɗu a leda, da buhu sabo guda, da kwanon wake. Ya ce mini wata mata ce a cikin masu ganawar ta ce ya nuna musu yadda yake yi. Ya ɗauki ƙwayar wake ya ciza, ya ce in ta fashe da ƙara ta bushe, in haƙori ya nutse da saura. Ya buɗe leda ya cika ta da iska, ya shaƙe bakin ya danna, ya ce in ta saki to akwai huda, ba a amfani da ita. Ya sa leda cikin leda, ya sa su cikin buhun, ya nuna yadda ake zuba wake ana girgizawa don ya zauna, a bar wuri a sama, a matse iska, a murɗe bakin ledar ciki a lanƙwasa a ɗaure, sa'an nan ta biyu ita kaɗai, sa'an nan buhun waje. Ya ce kuskuren da aka fi yi shi ne a haɗa ukun a ɗaure su ɗauri ɗaya, ko a riƙa buɗewa ana ɗiba duk mako. Aka tambaye shi yadda yake gane buhun da ya samu matsala ba tare da ya buɗe ba. Ya ce yana duba gindin buhun da kusurwoyinsa ko akwai cizon ɓera ko garin wake a ƙasa, yana sa hannu ya ji ko ya yi ɗumi, yana kara kunne, domin ƙwari in sun yi yawa ana jin motsinsu. Ya ce daga nan sai ganawar ta koma hira. Gani ya kori ji.

Kada in yi muku irin ƙarin da na yi a wasiƙar farko. Ba su ba shi aikin da aka sanar ba. Wani mai difloma aka ba, domin aikin yana bukatar rahoto da Turanci a kwamfuta, kuma shi da kansa ya faɗa cewa bai iya ba. Abin da suka ba shi kwantiragi ne na wata shida, a matsayin mai koyarwa a ƙauyuka, a ƙarƙashin wancan, da alawus da kuɗin mai. Da wata shidan suka cika aka sabunta sau ɗaya, shirin ya ƙare. Amma ya fito da abin da bai taɓa samu ba: takarda mai kan ƙungiya, mai ɗauke da sunansa da sunan aikin da ya yi da kwanan wata. Wasiƙarsa ta gaba ba za ta fara daga babu ba. Ya kuma yi rajistar jarrabawar kammala sakandare ta masu zaman kansu, domin ya gane akwai ƙofar da gwaninta kaɗai ba ta buɗewa. Inda sanarwa ta ce lallai sai mai digiri, ba ta ce "ko ƙwarewa" ba, wasiƙa komi kyanta ba za ta wuce mai tacewa ba, kuma gara mutum ya adana kuɗin motarsa.

Akwai gargaɗi guda da ba zan bari ba. A tsakanin wasiƙun nan biyu wani ya kira shi a waya ya ce ya turo kuɗin fom za a sa sunansa a wata ƙungiya. Ƙungiyar agaji ta gaskiya ba ta karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki, ba na fom, ba na ganawa. Duk wanda ya nemi kuɗi, ɓarawo ne. Kuma kada a ba kowa asalin takarda ko asalin littafi, kwafi ake haɗawa, a je da asalin a hannu a dawo da shi.

'Yan'uwa, kowannenmu a ɗakin nan yana da irin wannan mutum a gidansu: wanda yake yi wa dabbobin unguwa allura, ko wadda ta shekara goma tana bin gida-gida lokacin rigakafi, ko mai gyara famfon burtsatse. Wata rana zai zo ya ce, kai ka yi boko, rubuta mini. Roƙona gare ku biyu ne. In ya zo, kada ku ɗauki biro tukuna, ku tashi ku je ku ga aikin, ku tambaye shi me ya rubuta, wa ya gani. In kuwa bai zo ba tukuna, ku saya masa littafin rubutu tun yanzu, ku ce ya riƙa sa kwanan wata da wuri da adadi da sunan wanda ya yi wa aiki, har da ranar da abin ya ɓaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ina kuma ba shugabannin ƙungiya shawara, a cikinmu akwai ma'aikatan mulki fiye da goma, a ware rana ɗaya a kowane zango da za mu zauna a makarantar nan, duk tsohon ɗalibin da bai samu kammalawa ba ya zo da sanarwarsa da littafinsa, mu zauna da shi. Ni na ɗauki ranar farko.

Malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Waɗanda suke raye, Allah Ya saka musu da alheri, Ya sa su gama lafiya.